Takardar ƙin sauyin wurin aiki da yin murabus

Takardar ƙin sauyin wurin aiki da yin murabus wasiƙa ce da ma'aikaci ke rubuta wa shugabanninsa idan aka mayar da shi wani gari, ya ga ba zai iya komawa ba, ya zaɓi ajiye aikin. Abu biyu take ɗauke da su a lokaci guda: amsar takardar taransifa da sanarwar barin aiki. Ana rubuta ta cikin lafazi mai taushi saboda a fayil ɗin ma'aikaci za ta zauna, kuma fayil ɗin ake buɗewa ranar da wata ma'aikata ta nemi shaida a kansa.

Matsayinta a dokar Najeriya

Yawancin takardun ɗaukar aiki na bankuna da manyan kamfanoni sun bai wa mai gidan aiki damar tura mutum kowane reshe. A aikin gwamnatin tarayya ma, ƙa'idojin aiki sun lissafa ƙin tafiya inda aka tura mutum cikin laifukan da ake ladabtarwa a kai. Don haka wanda ya ƙi tafiya ya kuma yi shiru yana iya samun takardar tuhuma, har ta kai ga kora. Murabus shi ke ba shi damar fita da mutuncinsa.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade mafi ƙarancin wa'adin sanarwa, wanda ma'aikata ke kira notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata ɗaya ga mai shekara 5 zuwa sama. Ba a ƙirga ranar da aka miƙa sanarwar. Manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu shi ake bi, kuma sau da yawa ya fi haka tsawo. Kotuna sun daɗe da yanke cewa murabus ba ya jiran amincewar mai gidan aiki. Isar takardar hannunsa ta wadatar.

Inda ake yin tuntuɓe

A ɗauki misalin akawun da ya shekara 6 a reshen Kano. Ranar 3 ga Maris aka ba shi takardar komawa Fatakwal, da umarnin ya kama aiki can ranar 17. Ya miƙa murabus ranar 6, wa'adinsa na wata ɗaya zai cika ranar 6 ga Afrilu. To, daga 17 ga Maris zuwa 6 ga Afrilu fa, ina zai yi aiki? A takarda ɗan reshen Fatakwal ne. In ya ci gaba da zuwa ofishin Kano ba tare da izini ba, can ana iya rubuta shi cikin waɗanda suka yi fashin aiki. Wannan giɓin ne da yawa ke mantawa da shi. Dole takardar ta roƙi a bar shi ya ƙarasa wa'adin inda yake, ko ya biya albashin wata a madadinsa.

Lafazi

Dabarar ita ce a jingina uzurin ga halin da mai rubutu ke ciki, kada a taɓa hukuncin da shugabanni suka yanke. Akawun na iya rubutawa:

"Yallabai, na karɓi takardar sauyin wurin aiki ta ranar 3 ga Maris, kuma na gode da amanar da aka ba ni. Sai dai lalurar iyali ba za ta bar ni in bar Kano a wannan lokaci ba. Saboda haka nake sanar da ajiye aikina, ranar ƙarshe 6 ga Afrilu. Ina roƙon a ba ni damar ƙarasa wa'adin a reshen Kano domin in miƙa aiki yadda ya kamata."

Bai ce "na ƙi" ba, bai kuma ce an yi masa bi-ta-da-ƙulli ba. Uzurin ma jimla ɗaya ya ishe shi, domin mai zayyana ciwon mahaifiya da makarantar yara ya buɗe ƙofar ciniki ke nan. Wani kuskuren shi ne rubuta "in ba a janye sauyin ba, zan ajiye aiki". Wannan barazana ce, kuma ta bar ranar ƙarshe a dunƙule.

Akwai iyaka guda. Wanda ke ganin da gangan aka tura shi nesa don a tilasta masa barin aiki, kuma yana da niyyar zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, to kalmar "lalurar iyali" na iya zama hujja a kansa, tunda da hannunsa ya rubuta cewa don kansa ya tafi. Irin wannan ya ga lauya kafin ya sa hannu. Kowa kuwa ya miƙa kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a ɗaya ya riƙe.