Tsarewar jiran shari'a a Jihar Legas

Tsarewar jiran shari'a ita ce ajiye mutum a gidan gyaran hali bisa umarnin kotu alhali ba a same shi da laifi ba. A Najeriya kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yari irin waɗannan mutane ne. A Legas ana tsare su a Ikoyi, da gidajen Kirikiri uku, da Badagry. Gidan Ikoyi an gina shi ne don mutum 800, amma a Disamba 2019, lokacin da wayar lantarki ta kashe fursunoni biyar a ciki, mutanen da ke wurin sun haura 3,000. Mafi yawan waɗanda ke daɗewa, shari'arsu ba ta ma fara ba, domin fayil ɗinsu ya maƙale tsakanin ofishin 'yan sanda da Ma'aikatar Shari'a da kotu.

Abin da doka ta ce

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Idan yana tsare kuma ba a yi masa shari'a cikin wata biyu ba, a sake shi, da sharaɗi ko babu sharaɗi. Sashen ya kuma hana a riƙe mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da doka ta yanka wa laifin da ake tuhumarsa. Sai dai ƙaramin sashe na 7 ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wancan wa'adin na wata biyu. A Legas kisan kai da fashi da makami suna cikin wannan rukuni, kuma ta wannan ƙofa yawancin masu shekaru a tsare suke shiga.

Yadda fayil ke maƙalewa

Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron fashi da makami ko kisan kai, Babbar Kotu ce kaɗai ke da shi. Duk da haka, gaban majistare 'yan sanda ke fara kai mutum. Ba a tambayarsa ko ya amsa laifi, majistare ba ya iya ba shi beli, abin da ya rage masa shi ne ya tura shi gidan yari har a sami shawarar ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, wato DPP, da ke Alausa a Ikeja. Kotun Ƙoli ta amince da wannan tsari a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Legas, a sashe na 264, ta sa wa tsarin linzami. Umarnin farko kada ya wuce kwana 30. Idan an nuna dalili mai ƙarfi, ana iya ƙara wata ɗaya. Bayan nan dole majistare ya aika wa Kwamishinan 'Yan Sanda ko DPP takardar kira, su zo su faɗi abin da zai hana a saki mutumin, kuma ba zai tsawaita tsarewar ba sai ya gamsu ana ɗaukar matakin gurfanar da shi a kotun da ta dace. Dokar tarayya ta 2015 ta fi wannan tsauri, domin kwana 14 take bayarwa a kowane zango, amma laifukan jiha a kotunan Legas dokar jiha suke bi.

A aikace ga yadda abin ke tafiya. A ɗauka wani ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aka kwashe shi da dare tare da wasu bayan an ƙwace wa wani waya da wuƙa. Wuƙar nan ita ke mayar da zargin fashi da makami. Aka rubuta masa jawabi da Turancin da ba ya ji, ya dangwala yatsa. Majistare ya tura shi Kirikiri, ya umarci ɗan sanda mai bincike ya kwafi fayil ya kai DPP. Matakin nan ƙarami ne, kwafin 'yan takardu da kuɗin mota zuwa Alausa, amma nan ne igiya ta fi tsinkewa. Idan aka canza wa ɗan sandan wurin aiki kafin ya kai, fayil zai zauna a durowa. DPP ba zai ba da shawara kan abin da bai gani ba, majistare kuma zai ta ɗage zama yana rubuta cewa ana jiran shawara. In aka yi zama biyu ko uku motar gidan yari ba ta kawo shi ba, ko ba a sa hannu a takardar fito da shi ba, sai sunansa ya faɗi daga jerin shari'o'in kotu. Daga ranar ba shi da ranar komawa kotu, alhali takardar da ke hannun gandirobobi tana cewa a ci gaba da riƙe shi.

Ko fayil ya isa Alausa, da sauran tafiya. In shawara ta ce ba shi da tuhumar amsawa, sai takardar ta kai hannun majistare, an kawo shi kotu an karanta, kafin a sallame shi, kuma akan sami wanda shawararsa ta fito da daɗewa yana ciki bai sani ba. In ta ce a gurfanar da shi, sai an shigar da tuhuma a Babbar Kotu, an ba wani alƙali, an sa rana. Can ma shaidu kan ɓace, wanda aka yi wa fashin ya bar gari, rashin tafinta mai jin Hausa ya sa a ɗage zama, kuma in aka ɗauke alƙali a tsakiya, galibi daga farko ake sake shari'ar. Ƙona Babbar Kotun Legas da ke Igbosere a Oktoba 2020 da yajin aikin ma'aikatan kotu na kusan wata biyu a 2021 sun ƙara tsawon layin.

Irin wannan ne ya kai gaban Kotun ECOWAS a shari'ar Alade da Najeriya. Majistare a Yaba ya tura mutumin Kirikiri a 2003, ba a taɓa gurfanar da shi ba, sai a 2012 kotun ta ce tsarewar ta saɓa wa haƙƙinsa, ta umarci a sake shi a biya shi diyya.

Masu belin da ba su fita ba

Akwai rukuni na biyu, wanda ya fi shafar 'yan ci-rani. Laifinsu ƙarami ne, majistare ya ba da beli, amma da sharaɗin masu tsayawa biyu da ke da shaidar biyan haraji ga gwamnatin Legas da adireshin da kotu za ta je ta tabbatar, wani lokaci ma a ce ɗaya ya zama ɗan'uwa na jini. Mai sayar da ruwa a kura da ke kwana a barandar shago a Agege, danginsa kuma suna Sakkwato, belin nan a takarda kawai ya same shi. Maganinsa shi ne lauya ya roƙi a sassauta sharuɗɗan, a gaban majistaren ko a Babbar Kotu, ya kawo wanda zai iya tsayawa da gaske, kamar shugaban 'yan kasuwa mai shago sananne ko wanda fadar Sarkin Hausawan unguwar ta sani. Dokar Legas ta kuma hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce.

Hanyoyin da doka ta buɗe

Kafin a nemi kowane magani sai an gano inda fayil ya tsaya. Dangi su samo abu huɗu: lambar cajin, kotun da ta tura shi, ranar zama na ƙarshe, da sunan da aka rubuta a takardar tsarewa harafi da harafi. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin Sama'ila kan koma Ismail, a sa masa sunan garinsu a gurbin na mahaifi, a yi ta nemansa da sunan da babu shi a rajista. Ofishin rajistar gidan yarin yana da takardar, magatakardar kotu yana da bayanin zama, lauya kuma zai rubuta wa DPP ya ji ko fayil ya iso.

In bai iso ba, lauya zai koma gaban majistare ya nemi a sa rana, a fito da mutumin, a aika takardar kira bisa sashe na 264. Wannan ita ce hanya mafi arha, kuma an fi mantawa da ita.

Hanya ta biyu ita ce neman beli a Babbar Kotu. A laifin da hukuncinsa kisa ne alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke bayarwa, sai da dalili na musamman, irin rashin lafiya mai tsanani da asibitin gidan yari ba zai iya da ita ba, ko jinkirin da ya wuce misali. Dokar tarayya ta ambaci jinkirin da ya haura shekara ɗaya.

Ta uku, wadda ta fi ƙarfi ga wanda aka manta da shi, ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam bisa sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009. Ana shigar da takardar roƙo, da bayanin abin da ake nema, da takardar rantsuwa, da hujjar lauya a rubuce. Tun da mai ƙarar yana tsare, ɗan'uwansa ko wanda ya ji daga bakinsa zai iya yin rantsuwar. Akan sa Kwamishinan 'Yan Sanda da Antoni Janar na jiha da hukumar gidajen gyaran hali a matsayin waɗanda ake ƙara, suna da kwana biyar su mayar da martani, kuma daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara. Kotu na iya umartar a sake shi, ko a gurfanar da shi cikin wa'adin da ta yanka, ta ƙara da diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Iyakarta a bayyane take: wani lokaci ƙarar kan sa gwamnati ta yi sauri ta shigar da tuhuma, mutum ya ci gaba da zama har a gama shari'a, karɓar kuɗin diyya kuma ya fi samun hukuncin wuya.

Babban Jojin Jiha ma yana da iko, bisa wata dokar tarayya ta 1977, ya saki wanda tsarewarsa haramun ce ƙarara, ko wanda ya zauna fiye da ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifi. Sata ta gama-gari ɗaurin shekara uku ce a dokar Legas, don haka wanda ya shekara huɗu yana jira a kanta ya cika sharaɗin. Ana tantance sunaye kafin ya kai ziyara gidan yari don wannan aiki, saboda haka a rubuta wa ofishin Babban Jojin tun da wuri, a haɗa da kwafin takardar tsarewa.

Wani lokaci akan yi tayin sulhun tuhuma, a rage fashi zuwa sata, mutum ya amsa, a lissafa masa zaman da ya yi ya fita. Hanya ce ta halal a dokar Legas, amma wanda ya bi ta ya zama mai tabon laifi a rubuce, kuma bai kamata wanda bai aikata ba ya karɓa don gajiya ba tare da lauya da tafinta sun fayyace masa ba.

Wanda ba shi da kuɗin lauya yana da Ofishin Lauyan Kare Jama'a na Jihar Legas, wanda aka kafa a 2000, da Hukumar Taimakon Shari'a ta Tarayya, dukansu kyauta, sai rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya da ke karɓar irin waɗannan ƙararraki sadaka. Wanda zai je wurinsu ya riƙe lambar caji da sunan da ke takardar tsarewa a rubuce.