Me ya sa asusun takardun lamuni ke ramewa idan Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa?

A watan Fabrairun 2024 kwamitin tsara manufofin kuɗi na Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 cikin ɗari zuwa 22.75 a zama guda, kafin shekarar ta ƙare kuma ya kai shi 27.5. Wanda ya zuba kuɗinsa a asusun takardun lamunin gwamnati zai ɗauka kakarsa ce ta yanke saƙa, tunda ai ruwan ne abin da yake ci. Sai ya buɗe waya ya ga farashin kasonsa ya yi ƙasa. Ba wanda ya taɓa masa kuɗi, gwamnati kuma ba ta fasa biya ba. Lissafi ne kawai, kuma akwai lamba guda a takardar bayanin asusun da tun farko take faɗa masa yawan abin da zai iya zubewa.

Takardar lamuni alkawari ce da ba ta sauyawa. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya sayar da ita, ya rubuta ruwan da za a riƙa biya da ranar da za a mayar da uwar kuɗi, shi ke nan. A ce akwai takarda ta naira 100,000 mai ruwan kashi 15, wa'adinta shekara uku. Takardun gwamnatin tarayya sau biyu a shekara suke biya, amma don sauƙin lissafi mu ɗauka sau ɗaya ne: naira 15,000 a ƙarshen shekarar farko, 15,000 a ta biyu, sai 115,000 a ta uku.

Washegarin da ka saya, sai sababbin takardu irin taka suka fito da ruwan kashi 17. Taka tana nan a 15, ba za ta motsa ba. Idan ka kai ta kasuwa, wa zai ba ka 100,000 alhali ga wadda ta fi ta tsoka a gefe? Dole ka yi rangwame har sai mai saye ya ga cewa da ruwan da zai karɓa da ragin da ka yi masa, shi ma ya samu kashi 17 ɗinsa. Ana gano wannan farashin ta hanyar raba kowane biya da 1.17, a maimaita rabawar sau adadin shekarun da za a jira shi. Biyan farko ya zama 12,821, na biyu 10,958, na uku 71,803. Jimla kusan 95,581 ke nan. Ka yi asarar naira 4,400 da 'yan kai, wato kashi 4.4.

Da wa'adin takardar shekara ɗaya ne, da farashinta ya tsaya a 98,291. Da shekara goma ne, da ya gangaro zuwa kusan 90,680. Ruwa iri ɗaya, mai bashi ɗaya, ƙarin ruwa iri ɗaya, amma raunin ya bambanta. Dalilin a fili yake: mai takardar shekara ɗaya sau ɗaya zai rasa naira dubu biyu, wato bambancin ruwan kashi 15 da na 17, sannan kuɗinsa ya dawo ya sake zuba shi a sabon farashi. Mai ta shekara goma kuwa an ɗaure shi, sau goma zai rasa ta.

To amma wa'adi kaɗai ba ya ba da amsa daidai, saboda ba a ranar ƙarshe kaɗai kuɗin ke dawowa ba, wani yana ɗigowa a hanya. Wannan ne ya sa wani masanin tattalin arziki, Frederick Macaulay, ya fito da wani ma'auni a 1938 da ke amsa tambaya guda: idan aka yi la'akari da nauyin kowane biya, shekara nawa a tsakaice mutum ke jiran kuɗinsa? Mu kira shi tsawon jira. A takardarmu ta shekara uku, lokacin da ruwan kasuwa ke kashi 15, darajar biyan farko a yau 13,043 ce, na biyu 11,342, na uku 75,614. Sai a ninka na farko sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku sau uku, a tara, a raba da 100,000. Abin da zai fito shi ne 2.626. Takardar shekara uku ce a rubuce, amma jiranta shekara biyu ne da wata bakwai da rabi.

Idan aka raba 2.626 da 1.15, sai a samu 2.283. Wannan ce lambar da ake rubutawa Modified duration a takardar bayanin asusu, kuma ita ce mai amfani ga mai kaso. Ma'anarta: duk maki ɗaya da ruwan kasuwa ya hau, farashi zai sauka da kusan kashi 2.28, duk maki ɗaya da ya sauka kuma farashi zai hau da kusan haka. Mu gwada. Ruwa ya hau maki biyu, lambar ta ce asarar kashi 4.57, lissafin gaskiya ya ba mu 4.42. Da ruwan sauka ya yi zuwa kashi 13, lambar za ta ce ribar 4.57, amma farashin zai kai 104,722, wato 4.72. Kuskuren kullum yana faɗowa ta wajen mai takarda: asara ba ta kai yadda aka ƙiyasta, riba kuma tana ɗan zarcewa. A ƙaramin motsi ba a ma lura da shi, sai motsin ya yi girma giɓin ke buɗewa.

Asusu tarin takardu ne, don haka tsawon jiransa matsakaicin na takardun da ke ciki ne, kowace gwargwadon nauyinta. Wanda ke da naira miliyan ɗaya a asusun da lambarsa 4 ce, idan ruwan kasuwa ya hau maki biyu, ya sa ran ganin kusan naira 80,000 sun zube. Ninkawa ce kawai, ko a bayan ambulan za a yi ta.

Akwai wani abu da na ga ba a cika faɗa ba, shi ne tsadar ruwa da kanta tana gajarta tsawon jira. Takardar shekara talatin mai ruwan kashi 15, idan ana sayar da ita a kan asalin kuɗinta, lambarta ba ta wuce 6.6 ba, ga ta shekara goma tana da 5. Ƙarin shekara ashirin cur bai ƙara ko maki biyu ba, domin ruwan da ake biya tun farko yana da kauri, uwar kuɗin da za ta zo bayan shekara talatin kuwa darajarta a yau ba ta kai naira dubu biyu ba. Irin wannan takardar a ƙasar da ruwa ke kashi 3, lambarta ta doshi 20. Shi ya sa a 2022, da babban bankin Amurka ya ɗaga ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4, babban ma'aunin takardun lamunin ƙasar ya faɗi da kusan kashi 13 a shekara guda, kuma ɗan ruwan da suke biya bai isa ya toshe ramin ba. A Najeriya lambar ba ta da girma haka, sai dai motsin ruwan ne ke da faɗi, maki uku ko huɗu cikin 'yan watanni ba baƙon abu ba ne.

Ramin kuma yana cikewa, in an yi haƙuri. Mai miliyan ɗayan nan ya rasa 80,000, amma daga ranar abin da asusun ke samarwa ya koma kashi 17 maimakon 15, saboda ruwan da ke shigowa da takardun da wa'adinsu ya cika duk ana sake zuba su a sabon farashi. Ƙarin maki biyu a shekara, rami kuma kashi 8, shekara huɗu zuwa biyar ke nan kafin ya cimma inda da zai kasance da ruwan bai motsa ba. Ba dace aka yi ba da ya zo kusa da lambar 4. Don haka a ganina tambayar farko ga mai shiga asusu ita ce yaushe zai buƙaci kuɗinsa. Wanda ke tara kuɗin Hajjin baɗi ko hayar shago ta ƙarshen shekara bai kamata ya zauna a asusun da lambarsa ta kai 4 ko 5 ba, domin idan ruwa ya hau dole zai fita ramin na buɗe. Kuma asusu ba shi da ranar cikar wa'adi kamar takarda guda. Manajansa kullum yana sayen sababbi, lambar tana nan kusa da inda take, babu wata rana da aka yi alkawarin mayar maka da daidai abin da ka zuba.

Kada kuma a ɗauki ma'aunin Babban Banki a ninka shi kai-tsaye da lambar asusu. Abin da ke motsa farashi shi ne ruwan da kasuwa ke nema a kan takardun da asusun ya riƙe, kuma 'yan kasuwa sukan riga kwamiti. Idan kowa ya san za a ƙara, farashi ya riga ya sauka tun kafin sanarwa, ranar sanarwar ma ba lallai a ga komai ba. Wani lokaci ruwan takardu masu gajeren wa'adi ya yi tsalle, na masu dogon wa'adi ya ɗan muskuta kawai. Lambar kuma ba ta san komai ba game da kamfanin da zai kasa biyan bashi, ko hauhawar farashin kaya da ke cinye ribar.

Masu gudun kuɗin ruwa da suka zaɓi asusun Sukuk, wato takardun da aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, su ma lissafin bai tsallake su ba. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai, kuɗin haya ya riƙa biya na kashi 16.47 a shekara har wa'adinsa ya cika a 2024. Haya ce ba ruwa ba, amma tunda an ƙayyade ta ba ta sauyawa, idan abin da kasuwa ke bayarwa ya hau, farashin irin wannan Sukuk sauka yake yi daidai yadda muka lissafa.

Idan ka buɗe takardar bayanin asusunka ba ka ga Modified duration ba, sai Weighted average maturity, to wannan matsakaicin wa'adi ne, kuma ga takardu masu biyan ruwa a hanya kullum ya fi tsawon jira girma, kamar yadda muka ga shekara goma ta ba da 5. Sai ka nemi manajan asusun ya ba ka lambar kanta. Ka haɗa masa da tambaya ta biyu: da farashin kasuwa na yau ake ƙiyasta takardun, ko da farashin da aka sayo su ana daidaitawa sannu a hankali? Asusun da ke bin hanya ta biyu farashin kasonsa kan tafi sumul ko ruwa ya yi tashin gwauron zabi. Asarar tana nan a cikin takardun, ba ta dai fito a allo ba, kuma takan bayyana ne ranar da masu cire kuɗi suka yi yawa har manaja ya kai takardu kasuwa.