Waiwaye: Zakunan Serengeti da Abin da Ke Riƙe Yawan Dabbobin Dawa

A shekarun 1925 da 1926, masana biyu, Alfred Lotka da Vito Volterra, kowa ta gefensa, suka fito da lissafin da har yau ake koyarwa. Idan dabbobin da ake farauta suka yawaita, masu farautarsu za su ƙoshi su hayayyafa. Da sun yi yawa sai su cinye abincin, yunwa ta rage su, waɗanda ake farauta kuma su sake farfaɗowa. Lissafin ya yi kyau a takarda, amma dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya ya nuna cewa ba kowace dabba ce ke bin sa ba.

Labarin ya faro ne da ciwon bushiya, wanda ya shigo Gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1880 ta shanun da aka sauke a gaɓar Eritiriya. Annobar nan ce ta ratsa har ƙasar Hausa ta ƙarar da garkunan Fulani. A Serengeti ta kama ɓauna da nyumbu, wata dabba mai kama da kanki da ke yawo cikin manyan garkuna. Shekara da shekaru cutar tana kashe 'ya'yansu, har aka ɗauka ƙarancin nasu haka Allah ya yi shi.

Da aka yi wa shanun ƙauyukan da ke kewaye da dajin rigakafi, cutar ta ɓace daga nyumbu a farkon shekarun 1960. Daga wajen 250,000 suka haura zuwa kusan miliyan 1.3 a 1977, sannan suka tsaya. Zakuna da kuraye suna nan, amma ba su hana wannan hauhawa ba, ba kuma su ne suka tsayar da ita ba.

Ta yaya aka gane haka? Masanin namun daji Tony Sinclair da abokan aikinsa sukan fasa ƙashin ƙafar mushe su duba ɓargo. Dabba mai ƙoshi ɓargonta fari ne, daskararre, cike da kitse. Wadda yunwa ta cinye kuwa, nata ya zama ruwa-ruwa mai santsi, domin kitsen ɓargo shi ne na ƙarshe da jiki ke ƙonawa. Da wannan gwaji aka ga cewa kusan kashi uku cikin huɗu na mutuwar nyumbu daga rashin abinci ne, galibi a ƙarshen rani. Ciyawa ce ta gindaya musu iyaka. Farin 1993 ya ƙara tabbatar da haka, da ya mayar da su ƙasa da miliyan ɗaya kafin su sake murmurewa.

Dalilin gazawar zaki a fili yake. Nyumbu suna ƙaura ne bin ruwan sama, daga filayen kudu zuwa Masai Mara a Kenya su dawo. Zaki kuwa yana da yankin da yake tsaro, ga ƙananan 'ya'ya da ba za su iya doguwar tafiya ba. Garke zai wuce ya bar shi da wata da watanni na ƙarancin nama, kuma waɗannan watannin ne ke yanke yawan 'ya'yan da za su rayu. Ga shi kuma nyumbu na haihuwa kusan lokaci guda, cikin 'yan makonni a wajen Fabrairu. Komai haɗamar kura, cikinta ɗaya ne, don haka mafi yawan jariran sukan tsira.

Inda lissafin ya fi kama gaskiya shi ne wajen ƙananan dabbobi masu zama wuri ɗaya. Binciken da aka buga a 2003 ya nuna iyakar da ke raba ƙanana da manya tana wajen nauyin kilo 150. Dabbar da ba ta kai haka ba, irin barewa, kowa na cin ta: zaki, damisa, kura, har dila na ɗaukar 'ya'yanta. Ɓauna da raƙumin dawa kuwa kusan zaki kaɗai ke iya kayar da su. A shekarun 1980, da masu farauta ba bisa ƙa'ida ba suka rage namun daji masu cin nama a arewacin dajin, ƙananan dabbobin sun ƙaru sosai, raƙumin dawa bai ƙaru ba. Da masu cin naman suka dawo, adadin ƙananan ya sake sauka.

Su ma zakunan ba a hankali suke ƙaruwa ba. Craig Packer, mai binciken zakuna, ya gano cewa adadinsu kan tsaya cak shekaru goma ko fiye, sannan ya yi tsalle lokaci guda, saboda sabon gungu ba ya kafuwa sai an sami mata da yawa da za su iya ƙwace yanki su riƙe shi. Wani lokaci kuma abin da ke kassara su ba shi da alaƙa da nama ko kaɗan: a 1994 wata cutar karnuka ta kashe kusan zaki 1,000, wato kashi ɗaya cikin uku, alhali abinci na nan birjik. Cikin 'yan shekaru suka mayar da gurbin. Shi ya sa aka koma yi wa karnukan ƙauyukan da ke bakin dajin allurar rigakafi, kamar yadda aka yi wa shanu tun farko.