Yadda ake gina ma'aunin ba da maki ga insha'in ɗaliban sakandare

Na ba ɗalibaina insha'in muhawara mai maki 20. Ta ina zan fara tsara ma'aunin da zan duba shi?

Fara da abin da ka koyar. Mu ce batun shi ne, "Ya kamata a bar ɗalibai su shiga makaranta da wayar hannu?" Idan makonnin baya kan kafa hujja ka yi su, to hujja ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka. Raba makin gida huɗu: hujja 8, tsarin sakin layi 4, zaɓen kalmomi da ginin jimla 4, ƙa'idojin rubutu 4. Da zarar ɓangarorin sun haura biyar, sai su fara shiga cikin juna, ka wayi gari kana hukunta yaro sau biyu a kan kuskure ɗaya.

Na rubuta "madalla", "da kyau", "ba laifi", "da rauni". Waɗannan ba matakai ba ne?

Sunayen matakai ne, amma ba su faɗi abin da za a gani a takarda ba. Abin da kai ka kira "da kyau", malamar ajin da ke kusa da naka za ta iya kiransa "ba laifi", kuma babu mai iya kayar da wani. Kowane mataki yana buƙatar bayanin da za ka iya ɗora yatsa a kan layin da yaro ya rubuta ka ce, "Ga shi nan."

Ɗauki hujja mai maki 8. Mataki na sama, maki 7 zuwa 8: ɗalibi ya bayyana matsayinsa tun a gabatarwa, kowane dalili yana tafe da misali ko bayanin da ke tabbatar da shi, sannan ya kawo ra'ayin masu adawa ya ba shi amsa. Maki 5 zuwa 6: matsayi a fili yake, dalilan suna da madogara, amma bai taɓo masu adawa ba, ko ya ambace su ya wuce ba tare da amsa ba. Maki 3 zuwa 4: akwai matsayi, sai dai dalilan an jero su ne kawai, kamar "waya tana ɓata tarbiyya" ba tare da nuna ta yaya ba. Maki 1 zuwa 2: ya yi magana a kan waya, amma mai karatu ba zai gane ɓangaren da yake goyon baya ba. Sifili na takardar da ba ta taɓa batun ba ne.

Lura cewa tsakanin mataki da na kusa da shi abu guda ne ya canza. Wannan ne ke sa yaron da ya ci 6 ya san ainihin abin da zai ƙara ya kai 7. Ni na fi son a fara rubuta mataki na biyu daga sama, wato abin da ake sa ran ɗalibin da ya fahimci darasi zai yi, sannan a hau sama a sauko ƙasa. Wanda ya fara da na ƙoli yakan rubuta abin da ko shi kansa da ƙyar zai cika.

Ba zai fi sauƙi in ce dalili uku maki 6, dalili biyu maki 4 ba?

Ƙirge yana da sauƙi, amma yana saka wa mai yawan jeri. Yaron da ya kawo dalili biyu ya tsefe su ya fi wanda ya zubo biyar babu ko ɗaya mai tushe. Ko a ƙa'idojin rubutu, ya fi kyau a duba ko kurakuran suna hana fahimta, domin mai dogon rubutu dole ya fi tara kuskure.

Yaya zan haɗa makin takarda ɗaya?

Ga wata ɗaliba da ta goyi bayan hana waya. Dalilanta biyu suna da misali, na uku bai da ƙarfi, kuma ba ta ambaci masu adawa ba: tana mataki na biyu, a ƙasansa, maki 5. Kowane dalili da sakin layinsa, amma kammalawar ta kawo sabon batu: 3. Jimlolinta suna tafiya sumul: 4. Rashin aya a wurare da dama yana sa a koma baya kafin a gane: 2. Jimilla 14. Kyawun harshenta bai ɗaga makin hujjarta ba, kuma amfanin duba kowane ɓangare shi kaɗai ke nan.

Ta yaya zan san ma'aunin yana aiki kafin in duba na aji duka?

Zaɓi takardu biyar ko shida, masu ƙarfi da matsakaita da raunana, ka rufe sunaye. Kai da wani malami kowa ya duba shi kaɗai, sannan ku gwama. Bambancin maki ɗaya a cikin mataki guda ba damuwa ba ne. Idan kuwa kun sa takarda ɗaya a matakai daban, ku karanta bayanin matakan biyu tare, galibi za ku tarar da kalma irin "sosai" ko "isasshe" da kowa ya fassara yadda ya ga dama. Ku maye gurbinta da abin da ake gani a rubutu. Gyaran ya kammala kafin a fara dubawa ta gaske, kuma a aiki na gaba ɗalibai su karɓi ma'aunin tare da tambayar tun ranar farko.