Kuɗin kai tsaye da wanda ba na kai tsaye ba: lissafin wata guda a shagon tela

Masu lissafin kasuwanci suna raba kuɗin da sana'a ke ci gida biyu. Akwai kuɗin kai tsaye, wato wanda za ka iya nuna kayan da ya ci shi, ka ce ga rigar da ya shiga. Akwai kuma wanda ba na kai tsaye ba, wanda aka kashe domin shago ya ci gaba da aiki amma ba riga ɗaya ce ta cinye shi ba. Wannan na biyun zan riƙa kiransa kuɗin ɗawainiya don sauƙin magana. Tambayar da ke raba su ɗaya ce: idan aka ɗauko riga daga kan rataya, za a iya bin sawun wannan kuɗi har zuwa jikinta ba tare da an yi kirdado ba?

Mu ɗauki shago mai kekuna uku, da teloli biyu da ake biya bisa adadin abin da suka ɗinka, da yaro ɗaya mai albashin wata da ke guga da shara. Lambobin na misali ne, kowa ya ɗora su kan irin kuɗin da yake kashewa. A watan sun ɗinka riguna 80: guda 60 marasa aiki, guda 20 masu aiki a wuya da ƙirji.

Riga marar aiki ta ci yadi na 3,000, maɓallai da shafi na 500, ladan tela 1,500. Jimla 5,000. Mai aiki ta ci yadi na 4,000, zaren aiki na 1,500, maɓallai da shafi 500, lada 4,000, jimla 10,000. Duk waɗannan kai tsaye ne, domin da ba a yanka rigar ba da ba a kashe su ba, kuma an san nawa kowace ta ci. Idan mai kaya ne ya zo da yadinsa, to yadin ba ya cikin lissafin shago kwata-kwata, sai lada da ƙananan kayan haɗi.

Sai ɗawainiya. Hayar shago 600,000 ce a shekara, wato 50,000 a wata, ko da kuwa a dunƙule aka biya ta tun farkon shekara. Wuta 40,000. Albashin yaro 40,000. Gyaran keke, man keke, allura, alli da zaren ɗinki na yau da kullum 18,000. Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi saboda babu ranar da ake zaro shi daga aljihu: tsufan kekuna. Idan an saye su 720,000 kuma ana sa ran su yi shekara biyar, wato wata 60, to kowane wata suna cin 12,000. Jimlar ɗawainiya 160,000.

Wani zai ce ai zaren ɗinki a jikin riga yake, me ya kai shi ɗawainiya? Haka ne, a jikinta yake. Amma ƙwarƙwaro ɗaya na farin zare yakan ratsa riguna da yawa, kuma wahalar auna abin da kowace ta sha ta fi darajar zaren. Don haka ake zuba shi cikin ɗawainiya. Zaren aiki kuwa an saye shi ne domin wata riga takamaimai, launinsa ma nata ne, shi ya sa ya zama kai tsaye. Ashe ba sunan kaya ke yanke hukunci ba, iya bin sawunsa ne. Ko haya tana iya zama kai tsaye: idan aka yi hayar keken aiki na mako guda saboda odar mutum ɗaya, kuɗin na wannan odar ne ita kaɗai.

A nan ma ake yawan rikita wannan rabo da wani dabam, na kuɗin da ke hawa da sauka da kuɗin da ke tsaye. Wuta tana ƙaruwa idan aiki ya yi yawa, amma duk da haka ɗawainiya ce, tunda mita ɗaya ce ke ƙirga ta keke da ta dutsen guga da ta fitila, ba ta ware ta kowace riga.

Inda maganar take da nauyi shi ne wajen raba 160,000 ɗin nan a kan riguna, domin dole masu saye su biya ta. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba bisa ƙidaya: 160,000 a kan riguna 80, kowace ta ɗauki 2,000. Marar aiki ta tsaya wa shago a 7,000, mai aiki a 12,000. Idan ana sayar da ta farko 8,000, ta biyu 14,000, mai shago zai ga ribar 1,000 a nan, 2,000 a can, ya ce riguna masu aikin ne ke riƙe da shago.

To amma marar aiki awa 2 take ɗauka, mai aiki awa 10. Riguna 60 sun ci awa 120, riguna 20 sun ci awa 200, jimla 320. Haya da wuta da tsufan keke kuwa lokaci suke bi, ba ƙidayar riguna ba. Rigar da ta wuni a kan keke ta fi wadda aka gama kafin hantsi amfani da shagon. Idan aka raba 160,000 a kan awa 320, kowace awa ta zama 500. Marar aiki ta ɗauki 1,000, ta tsaya a 6,000, ribarta 2,000. Mai aiki ta ɗauki 5,000, ta tsaya a 15,000, ana sayar da ita 14,000, faɗuwar 1,000 ke nan a kan kowace.

Ribar watan ba ta motsa ba. Ta kowace hanya aka bi 100,000 ce: an sayar da 760,000, kai tsaye ya ci 500,000, ɗawainiya 160,000. Abin da ya canja shi ne wace riga ce ta kawo ta. A ganina rabon awa ya fi kusa da gaskiya a shagon da ayyukansa suka bambanta haka. Rabon ƙidaya yana isar wanda ke ɗinka abu iri ɗaya, kamar kayan makaranta. Alamar cewa rabonka ya karkace ita ce ka ga manyan ayyuka sun cika shago, kekuna ba sa hutawa, amma kuɗin da ke saura a ƙarshen wata bai kai na watan da aka yi ƙananan ɗinki ba.

Sai dai kada mai shago ya yi saurin daina karɓar riguna masu aiki. Kowace tana kawo 14,000, kuɗinta na kai tsaye 10,000, saura 4,000 da take zubawa cikin haya da wuta. Idan ya kore su kuma babu abin da ya maye gurbinsu, ɗawainiya tana nan kusan 160,000 ɗinta, shi kuma ya rasa 80,000, ribarsa ta sauko zuwa kusan 20,000. Abin dubawa shi ne awa: mai aiki tana barin 400 a kowace awa, marar aiki tana barin 1,500. Idan akwai masu jiran ƙananan ɗinki a layi, awa 200 ɗin nan ta isa riguna 100. Idan babu su, sai ya riƙe masu aikin, ya ɗaga kuɗinsu sama da 15,000 ko ya nemi hanyar rage awannin da suke ci.