Daidaita girgizar bidiyon da aka ɗauka da hannu

Daidaita girgizar bidiyo aiki ne da mai tace hoto ke yi a kwamfuta ko a waya domin rage rawar da hoto ke yi idan an ɗauke shi da hannu, ba a ɗora kyamarar a kan ƙafa ba. Masu ɗaukar bukukuwa da masu haɗa gajerun bidiyoyi a Kaduna na yawan buƙatarsa, domin galibin aikinsu a cikin cunkoso ake yinsa, inda babu wurin kafa komai. Ya bambanta da daidaitawar da ake yi lokacin ɗauka, wadda ko dai gilashin kyamara ko sensarta ke motsawa don tare girgizar, ko kuma a ɗora kyamarar a kan gimbal, wato marikin da ke hana ta rawa. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne gyaran bayan ɗauka, lokacin da biki ya watse kuma babu damar maimaitawa.

## Yadda manhaja ke yin aikin

Bidiyo jerin hotuna ne masu bin juna, galibi 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, kuma kowane ɗaya ana ce masa firam. Manhaja tana fara neman wurare masu kaifi a cikin hoton, kamar kusurwar taga, bakin kujera ko zanen labule, ta bi su daga firam zuwa firam. Daga nan take gane hanyar da kyamara ta bi da duk kwane-kwanenta. Sai ta zana wata hanyar mai santsi, ta riƙa matsar da kowane firam sama ko ƙasa, dama ko hagu, wani lokaci ta ɗan juya shi, har ya hau sabuwar hanyar.

Matsarwar nan tana barin baƙin fili a gefe, domin babu hoton da aka ɗauka a wurin. Don ɓoye shi manhaja ke yanke gefuna, sannan ta zuƙo abin da ya rage ya cika allo. Saboda haka duk santsin da aka samu, da faɗin hoto da kaifinsa aka biya shi. Kuma manhajar wurin zaman firam kawai take iya canzawa da siffarsa. Abin da kyamara ta riga ta rubuta a cikinsa yana nan, kuma daga nan yawancin ɓarnar ke fitowa.

A manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro kayan aikin shi ne Warp Stabilizer, wanda ya fara fitowa a After Effects a 2011, ya shiga Premiere a 2012. Idan aka ɗora shi, yana zuwa da Smoothness, wato ƙarfin santsin, a kan 50%, Method kuma, wato hanyar gyaran, a kan Subspace Warp. Waɗannan biyun sun yi wa yawancin hotunan biki ƙarfi, kuma barinsu yadda suka zo shi ne kuskuren da sababbin masu tacewa suka fi yi.

## Misali: shigowar amarya

A ɗauki hoton daƙiƙa 12 na shigowar amarya a wani zauren biki da ke Unguwar Rimi. An ɗauke shi da waya da daddare, faɗinsa fiksel 1920, tsayinsa 1080, firam 30 a daƙiƙa, wato firam 360 ke nan. Mai ɗauka yana ja da baya a gaban amarya da ƙawayenta. A daƙiƙa ta takwas wani mai liƙi ya buge masa gwiwar hannu.

Rawar takun ƙafarsa ba ta wuce fiksel 60 zuwa dama ko hagu. Da ita kaɗai ce, za a yanke 120 daga 1920, saura 1800, a zuƙo zuwa kusan 107%, abin da ido ba ya kamawa. Amma bugun nan ya karkatar da hoton da fiksel 240. Idan manhaja ta ce sai ta shanye shi, za ta yanke 480, saura 1440, zuƙowar ta kai 133%. Hoton da aka ɗauka a 1080 ya koma 810 da aka miƙe da ƙarfi, saman gwaggwaron amarya ya fita daga allo, kuma dukan daƙiƙa 12 ne suka biya bashin rabin daƙiƙa ɗaya.

Don haka almakashi ake fara sawa kafin manhaja. A yanke hoton gab da bugun, a cire wurin, a rufe gurbin da wani hoton daban, na makaɗa ko na iyayen amarya a zaune. Saura guntu biyu, na daƙiƙa bakwai da na huɗu, kowanne a daidaita shi shi kaɗai. A sauke Smoothness zuwa 10%, a mayar da Method kan Position, Scale, Rotation. Kafin a amince, a sa Framing a kan Stabilize Only a kalla sau ɗaya: baƙin gefen da ke shiga yana fita shi ne ainihin wahalar da manhajar ke sha, kuma inda ya fi girma nan ne matsalar take. Daga nan a mayar da shi Stabilize, Crop, Auto-scale a duba lambar zuƙowar da ta fito. Ga hoton 1080 da za a fitar a 1080, abin da bai wuce 110% ba yakan wuce lafiya, amma daga 120% fuska ta fara laushi. Wanda ya ɗauka a 4K zai fitar a 1080 yana da sarari har 200% kafin ya fara miƙe hoto.

A DaVinci Resolve zaɓin da ya yi daidai da wannan shi ne Similarity, Translation kuma ya fi shi sauƙi. A CapCut, matakin da ya fi ƙarancin yanka ake fara gwadawa kafin Most stable.

## Inda gyara ke zama ɓarna

Babbar matsala ita ce dusashewar da motsi ya bari a cikin firam. A zaure mai ƙarancin haske, waya takan bar idonta a buɗe har 1/30 na daƙiƙa domin ta tara haske. Idan hannu ya motsa fiksel 30 a wannan ɗan lokacin, duk abin da ke cikin firam ɗin zai ja wutsiya mai tsawon fiksel 30. A hoton asali ba a damuwa da ita, domin ido ya saba ganin abu ya dusashe yayin da yake motsi. Bayan an daidaita, hoton ya tsaya cak amma wutsiyar tana nan. Sai a ga fuskar amarya tana fitowa tar, ta dusashe, ta sake fitowa a kan kowane taku, kamar kyamara na neman saiti. Fitilun ado na jikin bango su suka fi tona asiri, don sukan miƙe su koma kamar ana jan roba. Gane wannan ba wuya: a koma hoton asali a bi shi firam bayan firam a wurin da ya fi rawa. Idan firam ɗin a kan kansa ya dusashe, babu saitin da zai dawo da shi. Abin da ya rage shi ne a rage ƙarfin gyaran, a bar ɗan motsin da zai ba dusashewar dalili.

Ta biyu daga sensa take. Yawancin wayoyi da kyamarori na yau ba sa ɗaukar firam gaba ɗaya a lokaci guda, suna karanta shi ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Idan kyamara ta motsa ana cikin karatun, saman hoto da ƙasansa ba za su dace ba. Wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo daga cikin Keke Napep a titin Ahmadu Bello ya san yadda falwayoyi ke jingina, gine-gine kuma na kaɗawa kamar kunun da aka girgiza a kofi. Girgizar asali takan ɓoye wannan kaɗawar, cire ta kuma sai ya bar kaɗawar a fili. A Warp Stabilizer, zaɓin Enhanced Reduction da ke ƙarƙashin Rolling Shutter Ripple yana ragewa, amma rawar inji mai sauri ta fi ƙarfinsa.

Akwai kuma lanƙwasar da manhaja ke ƙirƙira da kanta. Idan mai ɗauka yana tafiya, abin da ke kusa da shi yana wucewa da sauri fiye da na nesa. Subspace Warp na ƙoƙarin gyara kowane sashe na hoton daban, sai ginshiƙin zaure ya lanƙwashe, bango ya riƙa kumbura yana sacewa kamar mai numfashi. Haka nan idan ƙawayen amarya suka cika allo suna rausaya, manhaja takan ɗauka su ne tsayayyu, ta kafe su, zauren kuma ya kama lilo a bayansu. Filashin masu hoto da hayaƙin da ake fesawa a filin rawa suna ƙara rikita ta, kamar yadda hazon hunturu ke yi wa hoton waje, inda take rasa abin kamawa a sararin sama da nesa. Maganin irin wannan shi ne saukowa zuwa hanya mafi sauƙi, ko da Position kaɗai.

## Yadda ake yanke hukunci

Ba a hukunci a ƙaramar tagar manhaja. A buɗe hoton ya cika allo, a kalle shi da saurinsa na asali, a kashe gyaran a kunna sau biyu ko uku. Ido yakan tafi kan fuska, don haka sai a tilasta masa kallon kusurwoyi huɗu da duk wani miƙaƙƙen layi, kamar bakin ƙofa ko layukan tayil. Mai kallo ya saba da girgizar hannu, yana yafe ta, musamman a filin rawa inda take tafiya da kiɗa. Bangon da ke numfashi kuwa bai taɓa ganinsa a duniya ba, nan take zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai san sunansa ba. Shi ya sa ƙwararrun masu tacewa kan bar hoton rawa yadda yake, su kashe ƙarfinsu a kan wuraren da ake son natsuwa, kamar jawabin uban amarya.

Wanda ya san zai daidaita daga baya yakan shirya tun wurin ɗauka. Yakan bar fili a saman kai da gefuna domin yankan da ke tafe, ya guji zuƙowa da waya, ya kuma ɗaure saurin buɗewar kyamara idan tana ba da dama. A 1/100 wutsiyar nan ta fiksel 30 za ta koma kusan 9, sai dai hoton zai yi duhu, dole a ƙara fitila. An zaɓi 1/100 a kan 1/120 ne saboda wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma saurin da bai dace da ita ba yana sa wasu fitilu ƙyaftawa a hoto. Idan zauren a kan janareta yake, juyin nasa na iya kaucewa daga 50, don haka ana gwada ɗaukar farin bango na 'yan daƙiƙu a duba kafin amarya ta iso.