Gilashi mai tsada ba ya rage maka lamba

A zangon Agege na sha jin ana cewa wanda ba ya ganin nesa, idan ya sayi gilashi mai tsada, wanda ake kira 1.67, zai gani tar fiye da mai gilashin roba na 1.50. Ba haka ba ne. Lambar da likita ya rubuta ita ce ƙarfin gilashin, kuma ɗaya ce a duka biyun. Su 1.50 da 1.67 kuwa ma'aunin yadda abin da aka yi gilashin da shi ke lanƙwasa haske ne; idan ma'aunin ya ƙaru, kauri kawai ake ragewa.

Gilashin ganin nesa siriri ne a tsakiya, kaurinsa a gefe yake. A ɗauki mai lamba -8.00, faɗin gilashinsa milimita 50. Na roba zai kai kusan milimita 7 a gefe, na 1.67 kuwa kusan 5. Amma da mutumin nan ya zaɓi ƙaramin firam mai faɗin milimita 40, na robar ma zai sauko kusan 5, domin gefen mai kaurin ne ake yankewa. Shi ya sa nake mamakin mai biyan kuɗi da yawa sannan ya ɗauki firam mai faɗi don gayu.

Na 1.67 ma yana da nasa aibi. Ya fi ƙyalli, sai an yi masa shafin hana ƙyalli, kuma idan ka kalli fitilar mota ta gefensa za ka iya ganin launin shuɗi ko rawaya a bakinta. Idonka kuma zai ci gaba da fitowa ƙarami ga mai kallonka, kusan kamar da.